Siibi ko rizume, wanne za ka tura?

Jama'a mu nan Garwa komai siibi muke ce masa, shafi ɗaya da hoto a sama, shi ya sa ake rikicewa in za a nemi aiki waje. A Amurka da Kanada abu biyu ne daban. Rizume gajere ne, shafi 1 ko 2, kana gyara shi daidai da aikin da kake nema, shi kamfanoni ke so. Siibi kuwa dogo ne, ba a ƙayyade shafi ba, karatu da bincike da koyarwa da duk takardar da ka taɓa bugawa sai ka jera.

Ƙanwata likita ce, ta nemi gurbin bincike a wata jami'a a Kanada ta tura shafi ɗaya irin namu, har da hoto da ranar haihuwa, shiru kake ji. Can ba a sa waɗannan ko kaɗan. Da muka sake zama sai da ya kai shafi 4, muka sa lambar rajistarta ta likita, asibitocin da ta yi horo, sashe sashe da watanni.

Ingila da Faransa in sun ce siibi, gajeren suke nufi, sai dai in jami'a ce ko aikin likita.