Kafin Ka Sayi Dutse Domin Kare Ƙafar Gada: Auna Zurfin Ramin da Ruwa Zai Haƙa

Duk wanda aka ɗora wa alhakin gyaran gada, ko injiniyan ma'aikatar ayyuka ne ko ɗan kwamitin ƙaramar hukuma, zai sha jin tayi iri-iri daga bakin 'yan kwangila. Wannan ya ce a zuba duwatsu tifa goma, wancan ya ce a sa ragar waya, wani kuma ya ce a malala kankare a huta. Kowane yana da wurin da ya dace da shi, amma ba za ka san wanda ya dace da gadarka ba sai ka riƙe lambobi biyu a hannu: zurfin da harsashin ƙafar gadar ya kai a ƙarƙashin yashi, da zurfin ramin da ruwa zai iya haƙawa a gindinta ranar babbar ambaliya. Lamba ta farko tana cikin zanen ginin, idan kuma zanen ya ɓata sai a tona da rani a gani. Ta biyu lissafa ta ake yi.

Ruwan da ya taho da ƙarfi ya daki goshin ƙafar gada, wani sashensa yakan nutsa ƙasa, ya murɗe a gindin ƙafar, ya zagaye ta hagu da dama yana kwashe yashi. Shi ya sa ramin ya fi zurfi a gefen da ruwa ke fitowa. Ana haƙa shi ne lokacin da kogi ya cika, ruwan ya yi ja, ba mai ganin ƙasa. Da ruwa ya fara ja baya sai sabon yashi ya sake cike ramin. A yawancin kogunanmu na Arewa, waɗanda suke zama fili na rairayi da rani, mai duba gada zai zo a watan Fabrairu ya tarar da wurin sumul, ya rubuta cewa lafiya lau. Wanda ya san aikin yakan zo da rodi mai tsawo ya caccaka gindin ƙafar. Inda rodin ya shige salin-alin har mita biyu, alhali can nesa da ƙafar yana cijewa tun a rabin mita, to nan ramin bara yake.

Lissafin da aka fi amfani da shi yana cikin littafin HEC-18 na hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka:

```
ys = 2.0 * y1 * K1 * K2 * K3 * (a / y1)^0.65 * Fr^0.43
Fr = V / sqrt(9.81 * y1)
```

A nan ys shi ne zurfin ramin, y1 zurfin ruwa a gaban ƙafar, harafin a shi ne kaurin ƙafar, V gudun ruwan, Fr kuma ma'aunin gudun ruwan idan an gwada da zurfinsa. K1 na siffar goshin ƙafar ne: 1.0 ga mai zagaye, 1.1 ga mai kusurwa huɗu, 0.9 ga mai tsini. K2 na karkatar ruwa ne, K3 kuma na yanayin ƙasan kogin, galibi 1.1.

Mu ɗauki ƙafa mai zagayen goshi, kaurinta mita 1.5, tsawonta a bin ruwa mita 6. Ranar ambaliya ruwa ya kai zurfin mita 4, yana gudun mita 2 a daƙiƙa, kuma yana tahowa saitin ƙafar, don haka K2 ɗaya ne. Fr zai fito kusan 0.32, ramin kuma kusan mita 2.8, wato ɗan ƙasa da ninki biyu na kaurin ƙafar. Ga ma'auni mai kyau da za ka riƙe a ka: ga ƙafa mai zagayen goshi da ke saitin ruwa, ramin ba ya cika wuce kaurinta sau 2.4 sai a ruwa mai tsananin gudu. Kauri ne ke jan lissafin fiye da komai. Ƙara zurfin ruwa ko gudunsa yana ƙara ramin kaɗan-kaɗan, amma ƙara kauri yana ƙara shi sosai.

Yanzu a ce kogin ya sauya hanya, kamar yadda kogin yashi ya saba, ruwan ya koma yana dukan ƙafar a karkace da digiri 15. Ruwan ya daina ganin mita 1.5, yana ganin wani ɓangare na dogon gefen ma. K2 ya haura 1.5, ramin ya tashi daga mita 2.8 zuwa kusan 4.5. Gada ɗaya ce, ruwa ɗaya, kusurwa kawai ta canja. Haka ma idan itatuwa da karan dawa da tarkacen gari suka maƙale a goshin ƙafar, sun ƙara mata kauri ke nan a idon ruwa.

Wannan lamba kuwa ta ramin gindin ƙafa ce kaɗai. Sai an ƙara mata abin da ƙasan kogin zai sauka saboda gadar ta matse hanyar ruwa, da abin da yake sauka shekara bayan shekara. Na ƙarshen nan shi ne wanda masu haƙar yashi ke jawowa: ramin da tifofi suka bari kusa da gada ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa yakan riƙa cin baya a kowace damina har ya iso gindin ƙafa. Idan a misalinmu waɗannan biyun sun ba da mita 1.5, jimla ta zama 4.3 ko da ruwa bai karkata ba. Harsashin da ya tsaya a mita 3 yana cikin haɗari.

Idan sabuwar gada ce ba a riga an gina ba, ciniki ya ƙare a nan: a sayi zurfi. A kai harsashin ƙasa da layin da lissafi ya nuna, ko a kafa turakun kankare da za su iya ɗaukar gadar ko da an kwashe duk yashin da ke sama da layin, ko a zaunar da shi a kan dutsen ƙasa mai ƙwari. Ya fi komai tsada a ranar biya, amma ba ya neman a dawo masa kowace shekara. Duwatsu ba sa maye gurbinsa. Gadar rafin Schoharie a jihar New York ta rufta a watan Afrilun 1987, mutum 10 suka mutu. Harsashinta shimfiɗaɗɗe ne ba turaku, an dogara da duwatsun da aka jibge a gindinsa, ambaliyar shekaru ta yi ta raba su da wurin, ba a kuma mayar ba.

Ga gadar da take tsaye tuntuni, abin da aka fi saye shi ne zubin dutse, kuma a nan aka fi cutar mai biya. Girman dutsen ba a ido ake yanke shi ba. Littafin HEC-23 na waccan hukuma ta Amurka ya ba da wannan:

```
d50 = 0.692 * (K * V)^2 / ((Ss - 1) * 2 * 9.81)
```

A nan d50 shi ne girman matsakaicin dutsen a mita, K shi ne 1.5 ga ƙafa mai zagayen goshi, 1.7 ga mai kusurwa, Ss kuma nauyin dutse idan an gwada da ruwa, kusan 2.65. A misalinmu matsakaicin dutsen zai zama kusan santimita 20, nauyin kilo 10 zuwa 20. Amma lura da yadda gudun ruwa ke aiki a nan: idan ya tashi daga mita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, dutsen da ake bukata ya haura santimita 40, nauyinsa ya ninka fiye da sau goma. Don haka ɗan kwangilar da ya kawo farashi bai tambayi gudun ruwa ba, farashin abin da ke kusa da shi a wurin fasa dutse ya kawo maka.

Shimfiɗar duwatsun za ta miƙe ninki biyu na kaurin ƙafar ta kowane gefe, wato mita 3 a nan, kaurinta kuma aƙalla ninki uku na matsakaicin dutsen, santimita 60. Hakan ya kama kusan kubik mita 50 ga ƙafa ɗaya, idan kuma cikin ruwa za a zuba, ba a ganin inda dutse ke sauka, a ƙara rabin haka. Dutsen ya zama fasasshe mai kaifi, manya da matsakaita a gauraye domin su cije juna. Dutsen kogi mai sulɓi mirginawa yake yi, marmara kuwa tana rugurgujewa.

Abubuwa biyu nake fara nema a takardar farashi. Na farko shimfiɗar tacewa a ƙarƙashin duwatsun, ko ta tsakuwa ko ta yadin jiyotekstil, wato yadin roba da ruwa ke ratsawa amma yashi ba ya wucewa. In babu ita, ruwa zai riƙa zuƙe yashi ta tsakanin duwatsun kamar gari a rariya, su yi ta nutsewa har su ɓace. Na biyu kuɗin tono. Ya kamata saman shimfiɗar ya yi daidai da ƙasan kogin ko ya ɗan yi ƙasa da shi. Tifa ta juye tsibi a jikin ƙafa ta wuce, wannan ƙara wa ƙafar kauri ne, kuma mun ga abin da kauri ke yi. Tayin da ya fi arha sau da yawa waɗannan layuka biyu ne aka cire masa.

Inda manyan duwatsu suke da nisa, kamar yankunan yashi na Hadejiya da gefen Tafkin Cadi, kuɗin dako yakan fi kuɗin dutsen. Nan ne ragar waya ke shigowa, wadda ake kira gabiyon: akwatuna ko katifu na waya da ake cikawa da ƙananan duwatsu a ɗinke. Ƙaramin dutse a ɗaure yana aikin babba, leburori na iya shirya shi da hannu da rani, kuma katifar tana lanƙwasawa ta bi ƙasa idan gefenta ya zaizaye. Rauninta wayar ce. Kogin da ke jan tsakuwa da yashi mai kaushi yana goge rufin wayar har ta yi tsatsa ta tsinke, kututture na iya yaga ta, kuma a wurin da ba mai gadi, masu neman ƙarfe ba sa barin ta. Da ta yage, abin da ya rage maka duwatsu ne da tun farko ba su isa su tsaya su kaɗai ba. A ruwa mai matsakaicin gudu, da waya mai rufin roba, kusa da gari inda ido ke kai, saye ne mai kyau. A tsakiyar babban kogi mai jan kaya, zan fi son biyan dakon manyan duwatsu.

Tubalan kankare da aka sarƙe da igiyar ƙarfe suna aiki inda babu dutse sam, muddin an binne gefunansu an kuma toshe tsakaninsu da jikin ƙafar. Malalar kankare guda ɗaya kuwa, duk da kyanta a hoton miƙa aiki, ita ce ta ƙarshe a wurina. Ba ta lanƙwasawa. Ruwa yakan ci ta gefe ya shiga ƙarƙashinta ya yi kogo, samanta na nan sumul, sai ranar da ta karye gaba ɗaya.

Akwai kuma matakin da dutse ko raga ba su da abin yi. Idan har ana ganin ƙasan harsashi, ko ƙafar ta fara karkata, ko kwalta ta tsage a mahaɗar gadar, ko makarin gefenta ya lotsa a saitin ƙafa ɗaya, sai a tsayar da manyan motoci, a cike kogon da ke ƙarƙashi da siminti, a ƙara turaku ko a kewaye harsashin da bangon ƙarfe da ake kafawa a ƙasa, a yanke samansa daidai da ƙasan kogin, sannan a zo maganar shimfiɗa. Idan kuma matsalar karkatar ruwa ce, kuɗin da aka kashe wajen gina jigawar da za ta saita ruwan ya shiga gadar a miƙe yana rage ramin kowace ƙafa lokaci guda.

Duk wanda ka zaɓa, ka sa a cikin yarjejeniyar cewa za a auna tsayin saman shimfiɗar daga wata alama a jikin ƙafar ranar miƙa aiki, a rubuta, a sake aunawa bayan kowace babbar ambaliya. Ka ware kuɗin tifa biyu ko uku na ciko, ka kuma nemi hakimi da ƙaramar hukuma su matsar da masu haƙar yashi nesa da gadar kafin a zuba dutse na farko.