Gargaɗi Kan Masu Iƙirarin Buɗe Kowane Fayil Mai Kalmar Sirri

Akwai wasu mutane da ke tallata kansu a WhatsApp da Telegram da Facebook suna cewa za su buɗe duk wani fayil da aka kulle da kalmar sirri, na PDF ne ko na Excel ko na ZIP, muddin an tura musu fayil ɗin tare da kuɗin aiki. Ina jan hankalin jama'a da su guje su, musamman waɗanda ke riƙe da takardar bayanan asusun banki, domin abin da mutum yake miƙa musu ya fi kuɗin aikin daraja nesa ba kusa ba.

Ga yadda abin yakan faru. A ce ɗalibi yana neman tallafin karatu, an buƙaci ya ɗora bayanan asusun mahaifinsa na wata shida. Banki ya aiko da takardar ta imel a matsayin PDF mai kalmar sirri, kamar yadda bankuna da yawa suke yi. Ɗalibin ya ɗora ta, shafin ya ƙi karɓa, ko kuma jami'in da ke dubawa ya maido ta da cewa ba ta buɗuwa. Lokaci yana ƙurewa, sai ya ci karo da mai tallan buɗe fayil, ya tura masa takardar da naira dubu biyar. Bayan ɗan lokaci mutumin ya ce fayil ɗin yana da tsauri, sai an gaya masa kalmar sirrin, ko ranar haihuwar mai asusun da lambar wayarsa, wai don aikin ya yi sauri. Da zarar ɗalibin ya bayar, ɗan damfarar ya samu cikakken sunan mahaifin da lambar asusunsa da adireshinsa da yawan kuɗin da ke ciki da jerin duk abin da ya shiga ya fita. Da waɗannan bayanai ne zai kira dattijon a matsayin ma'aikacin banki, ya karanto masa cinikinsa uku na ƙarshe daidai ba kuskure, sannan ya nemi ya karanto masa lambar da za ta shigo wayarsa. Mutum kaɗan ne ba za su yarda da wanda ya san wannan duka ba.

Dalilin da ya sa fayil ɗin bai buɗu a wurin jami'in ba shi ne kullewar tana tafiya tare da fayil ɗin duk inda aka kai shi. Lokacin da aka sa kalmar buɗewa, manhajar takan samar da mabuɗi na lissafi da ke rataye da kalmar, ta rikita abin da ke ciki gaba ɗaya, galibi da tsarin da ake kira AES. Wanda ya karɓi fayil ɗin ba tare da kalmar ba, tarin lambobi marasa ma'ana kawai yake riƙe da su, haka ma shafin da aka ɗora masa. Wayar mai fayil ɗin takan yaudari mai ita a nan, domin wasu manhajojin suna tuna kalmar bayan an shigar da ita sau ɗaya, sai ya ɗauka kullewar ta tafi alhali tana nan daram. Kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa ba zai iya dawo wa mutum da kalmar sirrin fayil ɗin Word ko Excel da ya manta ba.

To me ya sa wasu ke rantsuwa cewa an taɓa buɗe musu? Saboda kullewa iri biyu ce. PDF yana iya ɗaukar kalmar buɗewa, yana kuma iya ɗaukar kalmar izini, wadda aikinta kawai hana bugawa ko kwafa ko gyara, fayil ɗin kuwa yana buɗuwa ga kowa. Haka Excel: `Protect Sheet` yana hana gyaran shafi ne kurum, `Encrypt with Password` kuma shi ne yake rikita fayil ɗin da gaske. Cire nau'in da ke hana gyara aikin 'yan mintuna ne ga wanda ya sani, kuma irinsa masu damfarar suke nunawa a bidiyo a matsayin hujjar ƙwarewarsu. Nau'in da ya rikita fayil kuwa, idan tsarin na zamani ne, babu wata hanya sai canka kalmar ɗaya bayan ɗaya. Kalma mai lambobi 4 tana da yiwuwa 10,000 kacal, ranar haihuwa kuma a tsawon shekara ɗari ba ta wuce kusan 36,500 ba, kwamfuta kan gama da irin waɗannan nan da nan. Wannan shi ne haɗarin takardun banki, tunda sau da yawa daga lambar asusu ko ranar haihuwa ake ɗauko kalmarsu, don haka ko ba ka faɗi kalmar ba, tura fayil ɗin kaɗai ya isa ya tona maka asiri. Amma kalma mai harafi 12 da aka cakuɗa manya da ƙananan haruffa da lambobi ba bisa wani tsari ba, yiwuwarta ta kai lamba 3 mai sifili 21 a bayanta, kuma duk wanda ya ce zai canke ta kafin magariba ƙarya yake yi. Irin wannan mutum yakan nemi ƙarin kuɗi sau biyu ko uku kafin ya toshe lambarka, ko ya aiko da wata manhaja mai ƙarewa da `.exe` ko `.apk` ya ce ka girka. Kada a girka ta, domin ta irin wannan hanya ake shigar da manhajar satar bayanai da ke karanta saƙonnin waya.

Abin takaicin shi ne ɗalibin da muka ambata ba ya buƙatar kowa, tunda yana da kalmar. Zai buɗe takardar a kwamfutar da ya amince da ita cikin Chrome, ya shigar da kalmar, ya zaɓi `Print`, sannan `Save as PDF`. Sabon fayil ɗin da zai fito ba shi da kullewa. Ya rufe komai ya sake buɗe shi, idan bai tambayi kalma ba aiki ya yi. Wanda ya saba da rubuta umarni yana iya amfani da manhajar qpdf, ya sa kalmarsa a gurbin KALMA:

```
qpdf --password=KALMA --decrypt asali.pdf sabo.pdf
```

Dabarar bugawa tana da iyaka guda biyu: ba ta aiki idan an hana bugawa a fayil ɗin, kuma tana zubar da sa hannun dijital idan akwai shi. Idan hukumar ta ce asalin takardar take so, sai a tura ta a kulle ta imel, kalmar kuma a faɗe ta ta kiran waya ko ta wata kafa daban, kada a haɗa su cikin saƙo ɗaya. Wanda ya manta kalmar ya sake karanta imel ɗin bankin, domin a ciki akan bayyana yadda aka haɗa ta, ko ya je reshe a buga masa takardar da hatimi.

Fayil ɗin da aka cire wa kullewa ya zama a buɗe ga duk wanda ya same shi, saboda haka a ɗora shi a shafin hukumar kai tsaye. Idan ta Google Drive za a ba wani, a bar `General access` a kan `Restricted`, a rubuta adireshin imel ɗin mai karɓa, a ba shi matsayin `Viewer`, a janye izinin bayan ya gama. Zaɓin `Anyone with the link` yana nufin duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa zai karanta. Wanda ya yi aikin a shagon kwamfuta ya goge fayil ɗin daga `Downloads` da `Recycle Bin`, ya kuma fita daga imel ɗinsa kafin ya tashi.

Wanda ya riga ya tura wa irin waɗannan mutane takardarsa, ya sanar da bankinsa a ranar ta lambar wayar bankin da ke bayan katinsa ko ya je reshe, ya canza lambobin sirrinsa, ya kuma gaya wa mai asusun cewa banki ba ya neman lambar sirri ta waya, ko da mai kiran ya karanto masa cinikinsa duka. Ya adana hotunan hirar da rasidin kuɗin da ya tura, domin da su zai kai ƙara ga hukumar EFCC ko 'yan sanda.