Littafi Mai Hotuna ko Na Gajerun Tatsuniyoyi: Wanne Za a Saya wa Ɗan Shekara 7?

Iyaye da dama a nan Damagaram suna tambayata wane littafi ya dace da yaron da ke karatu a hankali, kuma yake ƙosawa da dogon labari.

Littafi mai hotuna, wanda shafinsa ba ya wuce jimla ɗaya ko biyu, ya fi sauƙi, domin yaro yana kai ƙarshensa a zama guda. Sai dai hotuna masu launi suna ƙara masa tsada, kuma akwai haɗarin yaro ya riƙa cankar labarin daga hoto. Na ga haka ga ɗan ƙanwata, wanda ya karanta "akuya" alhali "tunkiya" aka rubuta, sai da na rufe hoton da tafin hannuna muka gane bai dubi baƙaƙen ba.

Littafin tatsuniyoyi ya fi araha kuma ya fi daɗewa ana amfani da shi, kuma yaron da ya san Gizo da Ƙoƙi daga bakin kakarsa yakan gane kalma kafin ya gama haɗa ta. Matsalarsa cunkoson rubutu. Kafin a biya, a ba yaron shafi ɗaya; idan ya tuntuɓe a kalmomi biyar, littafin ya yi masa nauyi. Wanda ya fara da Faransanci kuma sai an nuna masa ƙ, ɗ da ɓ tukuna.

Mai hotuna ya dace da yaron da har yanzu yake haɗa gaɓa da gaɓa. Na tatsuniyoyi kuwa ya dace da wanda ke iya karanta jimla, musamman idan akwai babban da za su riƙa karɓa-karɓa, layi bayan layi.