Datti ne a bakin caji, ko batir ne ya gaji?

"Jama'a, wayata tana kwana a caji amma da safe ba ta wuce 60. Mai gyara a nan Gusau ya ce in canza batir, abokina kuma ya ce datti ne. Wa zan bi?"

Malam, riƙe kuɗinka tukuna, domin alamomin biyun ba su yi kama ba.

Batirin da ya gaji yawanci saurin cika yake yi, saboda abin da yake iya ɗauka ya ragu. Ka ga 100 nan da nan, ka cire, kafin azahar ya zube, ko wayar ta mutu tana kan 30. Wani kuma ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. In ka ga haka ka daina sa ta a caji, ka kai a canza.

Taka kuwa jan ƙafa take yi. A ce batirinka 5000mAh ne. Kan caja mai rubutun 5V 2A yana cika shi cikin awa uku ko kusa da haka, mai 5V 1A kuma wajen awa biyar. To in dai ba a ɗauke wuta ba, kwana guda bai cika ta ba, wutar ce ba ta isa ciki yadda ya kamata. A hanya matsalar take.

Nan abokinka ya fi kusa da gaskiya. Zaren aljihu da ƙurar hunturu suna taruwa a ramin, kullum ka tura caja kana ƙara danne su, har su daskare. Shaidarsa ita ce kan igiyar ba ya shigewa duka, yana rawa, sai ka karkata shi ko ka ɗora wani abu a kai caji ya kama. Kashe wayar, ka haska ramin da tocila, ka sa tsinken sakace na itace da ka fiƙe ka riƙa yakuto dattin a hankali. Ban da allura, ƙarfe yana iya haɗa wuta. In USB-C ce, akwai ɗan siririn harshe a tsakiya, ka bi gefensa, kada ka danne shi.

Igiya ma tana kawo irin wannan jinkirin, musamman 'yar arha mai siririyar waya a ciki. Aro ta wani wadda ka san tana aiki, ka sa a kan cajarka, ka duba maki nawa ya hau cikin minti 15. Sannan ka canza kan cajar, ka bar igiyar. Ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ba za ka gane mai laifin ba. Gwajin a yi shi a inuwa, don waya in ta ɗau zafi da kanta take rage caji.

In ramin ya fita tas, an canza igiya da kai amma har yanzu sai an karkata, bakin cajin ne ya ci. Shi za ka ce wa mai gyara ya duba.