Saƙon murya ga su Baba daga Alƙahira

Assalamu alaikum Baba, ina wuninku, ya gida ya sanyi. Umma ina wuni, ya ƙoƙari, ya ƙafar taki, Allah ya ƙara sauƙi. Na kira ɗazu har sau uku yana yankewa shi ya sa na ce bari kawai in yi muku vois, kiran WhatsApp da data a nan haka yake min sai na samu wayifai, shi ma wayifan gidan a ƙayyade yake, in muka cinye na wata tun kafin wata ya ƙare sai ya koma tafiyar hawainiya. Auta ki kunna musu da ƙarfi kin ji.

Umma kin tambaye ni wai me nake ci naga kin damu, to wallahi ba yunwa. Burodinsu sunansa aish baladi, faffaɗa ne kamar gurasar Kano sai dai da dusa a jikinsa kuma ba zaƙi, da shi ake cin komai, waken da suke dafawa ya yi lugub su ce ful, da wani abu kamar ƙosai mai kore a ciki, ta'amiyya. Gwamnati na tallafa wa burodin, ƴan ƙasa masu katin tallafi piyasta 20, wato kamar kobonsu, suke sayen guda, da ma 5 ne sai a 2024 aka ƙara, mu baƙi kuwa na kasuwa muke saye, duk da haka bai kai tsadar burodin da muke saye a Tudun Wada ba.

Abin da ya ban dariya kuwa rabin kayanmu suna nan sunan ne kawai ya canza. Zoɓo karkade, tsamiya tamar hindi, lalo kuma shi ne mulukiyyar da suke ji da ita, har goruba Baba, gorubar da muke gwaguya a hanyar islamiyya, nan jiƙa ta ake a sa a firji a sayar a kofi. Kuɓewa ɗanya akwai, busasshiya dakakkiya kuma a shagon ƴan Sudan nake samu suna ce mata weka.

Shinkafarsu ce ta fara ba ni kunya. Gajera ce mai danƙo, ranar farko na ce zan yi dafa-duka na zuba ruwa yadda na saba da ta gida, kafin in ankara ta caɓe ta zama kamar fate, abokan zamana suna ta dariya. Daga baya wani ɗan Zariya da ya daɗe a nan ya ce ai wannan ta tuwo ce. Yanzu kofi biyu nake sawa da ruwa kofi biyar, ba jiƙawa, in ta yi laushi in tuƙa in rage wuta ta turara, tuwon har ya fi na gida kamawa, Umma kar ki ji haushi. Matsalar miya ce. Ba kuka, ba daddawa, manja kuma sai wurin matan da ke sayar da kayan Afirka a unguwar Hayyul Ashir, kwalba ƙarama kuɗin da a Bakin Dogo zai cika miki galan ƙarami. Barkononsu ma akwai zafi amma babu ƙamshin attaruhu.

Girki dai ba wahala tunda gas ta bututu yake shigowa gidanmu kamar ruwan famfo, mita ce ake karantawa a biya, ba ɗaukar silinda a keke napep, ba mai ruwa. Wutar lantarki kati ake sawa irin namu, kuma kar ku ɗauka ba a taɓa ɗaukewa, waɗanda suka riga ni sun ce a 2023 da 2024 an sha ɗauke ta kullum na awanni.

To ga roƙona. In Kawu zai taho ganin likitan nan a ba shi kuka kamar gwangwani huɗu, daddawa a daka ta a shanya ta bushe ƙarau, don wadda na taho da ita da ɗan danshi na ƙulle, sati biyu na buɗe na ga fari-fari a kai warin kuma ya canza, dole na zubar, kayana ma sai da na wanke sau biyu. A sa a leda biyu sannan a roba mai murfi. Yajin ƙuli na Goggo ma, da kilishi in da hali. Manja a bar shi kawai kar ya fashe masa a akwati ya ɓata masa manyan kaya.

Baba kuɗin haya sun shigo na gode Allah ya ƙara buɗi. A gaida Yaya da su Goggo da mutanen masallaci, an kira magariba a nan mun riga ku, sai Juma'a in na samu wayifai mai kyau zan kira.