Ƙa'ida ɗaya ko sunayen nahawu?

Malaman firamare a Daura suna yawan tambayata: idan yaro ya rubuta "rigan Binta", yaya za a gyara masa?

Wasu sukan ce masa "riga" jinsin tamata ce, mahaɗinta -r. Gaskiya ne, amma ɗan aji uku kai kawai zai gyaɗa, gobe ya sake.

Ni kuwa nakan tambaye shi: "Riga, ita ce ko shi ne? In ita ce, sa r. In shi ne, sa n." Da kansa zai fito da "rigar Binta", "wandon Musa". Ko gida, duk da ya ƙare da a kamar riga, ba ya ruɗa yaron, tunda shi ne: "gidan Audu". Inda dabarar ta gaza shi ne irin "mace", don ba a cewa "macer".

Mai shirin jarrabawar WAEC, sunayen nahawu za su amfane shi. Ƙaramin yaro, tambayar ta wadatar.