Tauraro ne ko na alanki? Yadda ake rabe su kafin kan sukuru ya lalace

"Jama'a, na sayi inbata 'yar Beljiyam a nan Gusau, ina so in buɗe ta in share ƙura, amma sukurorin murfin sun gagare ni. Ramin kansu ba tsaga ba ne, ba kuros ba ne. Alanki mai lamba 3 ya ƙi shiga, mai 2.5 kuma yana shiga yana sulluɓewa. Wane iri ne wannan?"

Ƙanena, ajiye alankin nan tukuna, domin duk sulluɓewar da ya yi yana cinye wani abu daga cikin ramin. Iri biyu ne suke rikita mutane a nan, kuma dukansu lungu shida gare su, shi ya sa daga nesa kamar Hassan da Hussaini.

Na alanki raminsa bango shida ne miƙaƙƙu, kamar kan noti da aka juya ciki. Daga wannan lungu zuwa wancan layi ne sambal. Na tauraro kuwa, wanda za ka ga an rubuta Torx a jikin kwalin makullansa, bangonsa ba miƙaƙƙe ba ne: tsakanin kowane lungu biyu ƙarfen ya kumburo ciki, sai ramin ya zama kamar fure mai kunne shida. Wannan kumburin shi ne ya hana alankinka mai lamba 3 shiga. Mai 2.5 ya samu hanya, amma bakin kusurwoyinsa kaɗai ke taɓa ƙarfe, da ka matsa sai ya goge wurin ya wuce.

Sai dai kada ka yanke hukunci da rami cike da datti. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da maiƙo takan cike kunnuwan tauraro har ya koma kamar zagaye. Sa allura ka ƙwaƙule shi, ka haska fitilar waya daga gefe, ka ɗauki hoto ka faɗaɗa. In har yanzu bai fito ba, danna ɗan guntun sabulu mai laushi a kan sukurun ka ɗago, siffar za ta fito a jikinsa sarai.

Awonsu ma ya bambanta. Lambar alanki faɗin ramin ce daga bango zuwa bangon da ke kallonsa, da milimita. Tauraro kuwa lambarsa tana farawa da T, kuma ba milimita ba ce kai tsaye. Daga tsinin kunne zuwa tsinin kunnen da ke kallonsa, T15 ya ɗan haura milimita 3, T20 ya kusa 4, T25 wajen 4 da rabi. Yadda ka ce 3 ya ƙi, 2.5 ya yi sako-sako, zatona ya fi ƙarfi a kan T20. Amma gwaji ne zai raba gardama: fara da T25, in bai shiga ba ka sauko. Kada ka faro daga ƙasa, domin T15 zai shiga ramin T20 har ya ɗan kama, ka ɗauka shi ne, alhali yana cin kunnuwan. Wanda ya dace yakan zauna daram, ba ya rawa in ka girgiza shi.

Akwai abu biyu da za ka ƙara dubawa. In ka ga ɗan tsini a tsakiyar ramin, wannan tauraron tsaro ne, sai makulli mai huda a bakinsa zai hau. In kuma ka ƙirga kunne biyar maimakon shida, wani iri ne daban, irin wanda ke gindin wayar iPhone, babu lambar T ta yau da kullum da za ta kama shi.

Ni kaina na taɓa ɓata guda a jikin wata giranda, na dage da alanki don ƙyuyar zuwa kasuwa. Ramin ya koma sumul kamar bakin kwalba, sai da na yanka tsaga a kansa da zarton ƙarfe na kwance shi da sukundireba mai faɗi, shi ma don kan nasa a waje yake. Da a cikin lungu ya nutse, sai dai a huda. Abin da na lura shi ne taimakon gefe ɗaya yake tafiya: sukurun alanki da ya goge, sau da yawa ana ceto shi in aka buga bakin tauraro mai ɗan girma a ciki da guduma a hankali, amma alanki a ramin tauraro ɓarna kawai yake yi.

Ka nemi saiti mai huda a baki daga T10 zuwa T30 wajen masu kayan gyara, domin mai huda yana kwance na tsaro da wanda ba na tsaro ba. Kuma kafin ka ɗaga murfin, cire batir da wayar sola da ta wuta, ka ba ta lokaci, don kafasitocin ciki suna riƙe caji bayan an kashe ta.